Ragin Cikar Shekara: Yadda Ake Gode wa Masu Saye Ba Tare da an Ci Uwar Kuɗi Ba

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo kasuwancinmu, kuma ga alama ta samu wurin zama. Shago ya cika shekara uku ko biyar da buɗewa, sai ka ga sanarwa a ƙofa ko a wayarka: an gode wa Allah, an gode wa abokan ciniki, sannan an ce akwai ragi. Masu sayar da atamfa da leshi suna yi, teloli suna yi, masu gidan abinci da masu wankin mota suna yi, har da matan da ke sana'a daga cikin ɗakinsu. Abu ne mai kyau, domin duk sana'ar da ta tsallake tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta cancanci ta tsaya ta ce alhamdu lillahi. Sai dai sau da yawa sanarwar da aka yi don a faranta wa mutane ita ce ke haifar da ɓacin rai a bakin kanta, ko kuma ta bar mai shago da asarar da bai lissafa ba. Dalilin bai wuce biyu ba. Ko ba a yi lissafi kafin a faɗi ragin ba, ko kuma ba a fayyace iyakarsa ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai wata matsala da ta shafi kasuwarmu musamman. Mu mutanen ciniki ne. A Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari a Kano, mai kaya zai sa suna, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a kai inda za a sallama. Ragi a wurinmu tsohon abu ne, haka ma gyara da mai awo ke ƙara wa wanda ya saba da shi. To, a inda farashi ke fitowa daga bakin mutum biyu, mene ne ma'anar a ce an rage kashi goma cikin ɗari? Daga wane kuɗi aka rage? Daga sunan da aka sa da farko, wanda kowa ya san ba a nan za a tsaya ba, ko daga inda aka saba sallamawa? Idan daga sunan farko ne, babu abin da aka ba kowa, domin mai iya ciniki ya kan samu fiye da haka a ranar da babu wani biki. Saboda haka ragin cikar shekara ba ya da ƙima sai a kan farashin da mutane suka riga suka sani. Wanda ke son yin sa dole ya tsayar da kuɗin kayan da ragin zai shafa, ya rubuta tsohon farashi da sabo, kuma tsohon ya zama wanda aka sayar a kansa da gaske a makon jiya.

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata baiwar Allah tana da shagon atamfa a unguwa, shekararta biyar ke nan tana yi. Akwai wata atamfa da ta fi tafiya a wurinta, wadda turmi yake zo mata a kan Naira 20,000 idan an haɗa da kuɗin mota da na ɗan dako, ita kuma tana sayarwa Naira 25,000. Ribarta Naira 5,000 ke nan a kowane turmi, kafin a cire haya da wuta da sallamar yarinyar shago. A mako mai kyau takan sayar da turmi 60, wato ribar Naira 300,000.

Ga inda yawancin mutane ke zamewa. Ita a ranta ta san ta ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin sari, tunda 5,000 rubu'in 20,000 ne. Sai ta ce bari ta rage kashi 20, ai ko ba komai kashi 5 zai rage mata. Ba haka lissafin yake ba. Ribar a kan kuɗin sari ta auna ta, ragin kuwa a kan kuɗin sayarwa zai fita, kuma kuɗin sayarwa ya fi yawa. Kashi 20 na Naira 25,000 shi ne Naira 5,000 cif, wato ribar gaba ɗaya. Za ta yi mako guda tana tashi tana zama, shago cike da mutane, a ƙarshe ba ta samu ko kwabo ba, kuma haya tana nan tana jira.

To kashi 10 fa, wanda shi ne ya fi daɗin faɗa? Shi kuma Naira 2,500 ne, rabin ribarta. Abin da mai saye yake gani ɗan ragi ne, amma a aljihun mai shago an raba riba biyu. Kafin ta samu Naira 300,000 ɗin da ta saba samu, sai ta sayar da turmi 120 maimakon 60. Shagon unguwa ba kasafai cinikinsa ke ninkawa don an rage Naira 2,500 ba. Idan ta sauko zuwa kashi 5, ragin ya zama Naira 1,250, ribar turmi ta koma 3,750, kuma turmi 80 ne zai mayar da ita inda take. Wannan ya fi kusa da abin da zai yiwu. Hanyar gane adadin mai sauƙi ce, kowa zai iya da kalkuletar wayarsa: a ɗauki ribar da aka saba samu a mako, a raba ta da sabuwar ribar turmi ɗaya, abin da ya fito shi ne yawan kayan da sai an sayar kafin a ce ba a faɗi ba.

Akwai kuma abin da tsada ta koya wa 'yan kasuwa da ƙarfin tsiya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. A irin wannan yanayi, kuɗin da aka sayi kaya a kai ba shi ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne kuɗin da za a sake saro shi. Idan turmin da ya zo mata a 20,000 yanzu a kasuwa ya koma 22,000, ribarta ta gaskiya 3,000 ce, kuma ragin kashi 10 zai bar ta da Naira 500 kacal. Mai shagon da bai kira dilansa ya ji farashin yau kafin ya fitar da sanarwa ba, yana iya sayar da kaya duka ya koma kasuwa ya tarar kuɗin ba za su cika masa kanta ba. Abin da ake kira cin uwar kuɗi ke nan, kuma ba a jin zafinsa sai bayan an gama murna.

Da ni ce zan ba wannan mata shawara, sai in ce ta bar maganar kashi cikin ɗari, ta rage Naira 1,000 a turmi, ya koma 24,000. Kashi 4 ne kawai, amma kowa ya fahimta ba sai an yi masa lissafi ba, babu rigimar canjin Naira 250, kuma yarinyar shago ba za ta ruɗe ba. Ribar turmi ta zama 4,000, turmi 75 ya isa ya rufe gurbin. Idan ma ba a samu ƙarin mutum ko ɗaya ba, abin da ta kashe Naira 60,000 ne. Wannan adadin shi ya kamata ta kalla da idon basira, ta tambayi kanta ko za ta iya ba da kyautar Naira 60,000 ga mutanen da suka riƙe ta shekara biyar ba tare da ta ji a jikinta ba. Idan za ta iya, ta yi da zuciya ɗaya. Ragin godiya kyauta ce, kuma ya fi kyau a ɗauke shi a haka tun farko. Wanda ya shiga da tsammanin zai ci ƙazamar riba zai fito yana jin haushin mutanen da ya ce yana gode musu.

Bayan lissafi sai iyakoki, kuma a nan ne alkawari ke zama kaya. Duk tambayar da sanarwa ba ta amsa ba, za a zo a yi ta a shago, a gaban mutane, kuma sau da yawa wanda zai yi ta babba ne da ake jin nauyinsa.

Ta farko ita ce wane kaya ragin ya shafa. Idan an rubuta "akwai ragi a shagonmu", wadda ta zo sayen leshi mai tsada tana da gaskiya idan ta nemi nata. A faɗi sunan kayan, a kuma faɗi wanda babu ragi a kansa. Ta biyu ita ce nawa mutum ɗaya zai iya ɗauka. Wannan ana yawan mantawa da shi, alhali yana da haɗari. Rana ta farko wata mai kai kaya gidaje za ta iya zuwa ta kwashe turmi talatin, ta ajiye, bayan mako guda ta sayar wa mutanen unguwar nan a tsohon farashi. Ba ta yi laifi ba tunda ba a hana ta ba, amma kyautar da aka yi niyyar raba wa mutum talatin ta faɗa hannun mutum ɗaya. Turmi uku ga kowane mutum iyaka ce mai kyau.

Sai maganar bashi, wadda ta fi kowace nauyi a baki. Shagunan unguwa da bashi suke rayuwa, kuma masu ɗauka su biya ƙarshen wata suna cikin abokan ciniki na ƙwarai. Amma ragi da bashi a lokaci guda nauyi biyu ne a kan jari ɗaya. Ya halatta mai shago ya ce ragin na wanda ya biya nan take ne, matuƙar ya faɗa tun a cikin sanarwa, cikin ladabi. Abin da ba shi da kyau shi ne a bari sai mutum ya zaɓi kaya an ɗaure masa, sannan a gaya masa. Haka nan wadda ta ba da kafin alƙalami a cikin kwanakin ragi za ta cika bayan sun wuce, a yanke tun yanzu ko tana ciki ko ba ta ciki. Masu saye daga nesa kuma a gaya musu kuɗin aike, na ɗan sahu ne ko na direban tasha, yana nan yadda yake.

Ranar rufewa ita ce na fi so a tsaya a kanta, don a nan muke da sakaci. Mun saba da faɗin lokaci a sake: "na ɗan lokaci", "zuwa ƙarshen wata", "har zuwa Sallah". Kowanne daga cikinsu ƙofar gardama ne. Ƙarshen wata na Bature ko na Musulunci? Sallah kuma ba a sanin ranarta tabbas sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, kuma akan samu shekarar da Nijar ta riga Nijeriya da kwana ɗaya. Mai shago a Kano da ke da masu saye a Maraɗi ko Damagaram ya ga inda matsalar take. Ko "zuwa Asabar" ma bai isa ba, domin wani zai ɗauka Asabar ɗin tana ciki, wani ya ɗauka Juma'a ce ta ƙarshe. A rubuta sunan rana, da kwanan wata, da shekara, da ƙarfe nawa. Ga masu turo kuɗi ta waya, a ce lokacin da ke jikin shaidar turawa shi ne abin dubawa, saboda kowa ya san yadda alat ke iya kwana a hanya idan sabis ya yi rauni, kuma bai kamata mai saye ya ɗauki laifin banki ba.

Shekarar da na ce a rubuta ba ƙawa ba ce. Abin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma hoton da aka tura wa mutane yana iya yawo daga waya zuwa waya wata da watanni. Idan babu cikakken kwanan wata a jikin hoton kansa, wata rana wata za ta shigo da shi a hannu tana neman ragin bara, kuma ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Ga yadda sanarwar wannan mata za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Cikin ikon Allah shagonmu ya cika shekara biyar. Mun fara da kanta ɗaya a zauren gida, ku kuka saya, ku kuka kawo mana 'yan'uwanku, kuka yi mana haƙuri a lokacin da kaya suka yi ta tashi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Don nuna godiya, atamfar da muke sayarwa Naira 25,000 za ta koma Naira 24,000, daga Litinin 3 ga Nuwamba zuwa Asabar 8 ga Nuwamba, 2025, ƙarfe 8 na dare. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar har turmi uku. Ragin na wanda ya biya duka ne a cikin waɗannan kwanaki, a hannu ko ta waya. Leshi da shadda ba sa ciki, kuɗin aike kuma yana nan yadda yake. Daga Lahadi 9 ga wata farashi zai koma kamar da."

Ba ta da tsawo, kuma kusan rabinta godiya ce. A lura godiyar ta ambaci abin da ya faru da gaske, zauren gida da kanta ɗaya da haƙurin mutane a lokacin tsada. Irin wannan ita ce ke shiga zuciya, saɓanin jerin kirarin kai da ake cika sanarwa da shi, a ce mu ne na ɗaya, babu kamarmu. Ranar ta masu saye ce. Kuma ba daidai ba ne a jera sunayensu ko hotunansu sai da izininsu, don akwai matan da ba sa son a san abin da suke saye, balle nawa suke kashewa. Wani kuskuren da na tsana shi ne a yi godiya ga tsofaffin abokan ciniki, sannan a ce ragin na sababbi ne kawai. Mutumin da ya shekara biyar yana kawo kuɗinsa zai karanta wannan, kuma zai fahimci matsayinsa.

Da yake ba kowa ke karanta boko ba, yana da kyau a naɗi sanarwar da murya a tura, amma a karanta ta yadda take a rubuce, kada a ƙara gishiri. A kuma zaunar da yaran shago a karanta musu kafin kowa ya ji, a manna kwafi ɗaya a inda mai saye zai gani. Babu abin da ke zubar da mutuncin shago kamar uwar ɗaki ta faɗi abu, yarinyarta ta faɗi wani.

Wannan tsantseni ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa daga cikin sharuɗɗan ingancin ciniki akwai sanin kaya da sanin kuɗinsa, kuma ruɗu yana ɓata shi. Dokar ƙasa ma ta zo a kan haka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar tarayya da aka fi sani da FCCPC, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya, ta kuma hana a karɓi kuɗin da ya wuce wanda aka nuna a kan kaya. Wanda ya ɗaga farashi daga 25,000 zuwa 28,000 ana jibi biki, sannan ya ce ya rage 3,000, ya saɓa wa duka biyun. Kuma a unguwa irin wannan ba ya ɓuya, domin matan da suka saya makon jiya suna nan, kuma suna magana da juna.

Mai saye ma yana da abin dubawa. Sanarwar da ta ce ragi "har zuwa kashi 50" galibi kaya ɗaya ko biyu ne da suka daɗe a kanta ke da wannan rabin kuɗin, sauran kaɗan aka taɓa. Wadda ba ta nuna tsohon farashi ba, ko ba ta da ranar ƙarewa, ko ta ce akwai sharuɗɗa amma ba ta faɗe su ba, a yi tambaya kafin a zaɓi kaya. Ragi mai yawan gaske daga shagon da aka ce a turo kuɗi cikin wani asusu da sunansa ya bambanta da wanda aka saba, a kira mai shagon a lambar da aka sani tukuna, saboda 'yan damfara sukan kwafi hoton sanarwa su canza lambar asusu kawai.

Sauran aiki yana ranar Lahadi, washegarin rufewa. Lallai wata za ta zo, watakila ƙawar mahaifiya ce, ta ce, "Haba 'yata, jiya-jiyan nan fa aka rufe, ina gidan biki ne." Amsa mai kyau ita ce, "Wallahi Hajiya ya ƙare jiya da dare, kuma na gaya wa kowa haka. Amma ga wannan ɗankwalin, tukwicina ne gare ki." An girmama ta, kuma farashi bai motsa ba. Idan aka ce a yi mata ragin a ɓoye, kafin la'asar labari ya zaga, waɗanda suka matsa wa kansu suka nemo kuɗi don su riski Asabar za su ji an raina musu hankali. Ƙara wa'adi a fili ma illarsa ɗaya. Shagon da ya ce an ƙara mako saboda buƙatar jama'a, sannan ya sake ƙarawa, ya koya wa mutane cewa 24,000 ne ainihin kuɗin, kuma da wuya ya sake sayarwa a 25,000 ba tare da ciniki mai zafi ba. Don haka kwana biyar zuwa bakwai sun isa, kuma kada a fara shelar tun wata guda kafin lokaci, don masu niyyar saye za su riƙe kuɗinsu su jira. Kwana biyu ko uku kafin farawa ya wadatar.

Daga nan sai a cire takardar ƙofa, a buɗe littafi. Kada a tsaya ga cinikin makon ragi kaɗai, a haɗa da na mako biyu da suka biyo baya, domin wasu daga cikin waɗanda suka saya a lokacin dama za su saya, gaggautowa kawai suka yi. Idan matar nan ta sayar da turmi 85 a makon biki, sannan 45 da 50 a makonni biyu na gaba, jimilla 180 ke nan, daidai da abin da ta saba sayarwa a mako uku. Ba ta ƙara ciniki ba, ta dai ba da kyautar Naira 85,000. Ba laifi ba ne idan ta shirya wa hakan, amma ya kamata ta san gaskiyar adadin, ta rubuta shi.

Ɗan kasuwa ko 'yar kasuwar da shagonsu ke gab da cika shekara, kafin ku ba mai zane aikin hoto, ku kira dila ku ji farashin yau, ku fitar da abin da za ku iya bayarwa, sannan ku miƙa wa wani da bai san komai a kai ba rubutun ya karanta. Duk tambayar da ya yi muku, ku mayar da amsarta cikin sanarwar kafin ta fita.